Awa 48 a cike gurbi: sharhina kan kamfanin da ke kawo mana ma'aikata

Ni ce ke kula da sashen ma'aikata a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa a Kano, kuma guraben da suka fi ba mu ciwon kai guda biyu ne: masu ɗaurin kaya na aikin dare da direbobin motar ɗaga kaya. Ka ɗauki mutum yau, damina na sauka ya ce zai je gida noma, wani kuma ya tafi Sallah shiru kake ji. Ana cikin haka wani kamfanin samar da ma'aikata ya aiko mini da saƙo, da "ranki ya daɗe Hajiya" da komai, cewa sun lura tallan gurbi ɗaya muke ta maimaitawa. Suka yi alkawarin cike kowane gurbi cikin awa 48, in kuma wanda suka kawo ya gudu kafin kwana 30, su musanya shi kyauta.

Kafin mu zauna na nemi lasisinsu na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, domin Dokar Ƙwadago ta wajabta shi ga mai wannan sana'a. Sun kawo, bai ƙare ba, sai muka sa hannu.

A kan masu ɗaurin kaya, gaskiya sun cika alkawari. Ba sa jiran in kira sannan su fara nema. Suna da jerin mutanen da suka riga suka tantance, an duba lambar NIN ɗinsu, kowa da wanda ya tsaya masa, kuma sun ware su unguwa-unguwa. Mu 'yan Ja'en da Gaida da Fanshekara suke turo mana, waɗanda kuɗin A Daidaita Sahu ba zai cinye musu albashi ba. Wannan dabarar ta unguwa ita ta fi burge ni, don da yawa daga waɗanda muka rasa a baya nisa ne ya kore su. A kan direbobi kuwa awa 48 ɗin magana ce kawai. Jerinsu bai da yawa, sai a fi mako ana jira, kuma ɗaya da suka kawo, da muka ce ya ɗaga kaya ya ja baya da su tsakanin layukan sito, nan take muka gane takarda ce kawai a hannunsa.

Kuɗin ne ya kamata mutum ya zauna ya lissafa da kyau, saboda saƙon nasu la'adarsu ta kashi 10 na albashi kawai ya ambata. Mai ɗaurin kaya muna biyansa naira 80,000, sama kaɗan da mafi ƙarancin albashin 70,000 da aka sa hannu a kai a 2024. A kan wannan akwai kason fansho na mai ɗaukar aiki, kashi 10 bisa dokar 2014, wanda suka lissafa a kan dukkan albashin, wato 8,000. Akwai kashi 1 na NSITF, asusun gwamnati na biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki, 800. La'adarsu 8,000, sai harajin VAT na kashi 7.5 da suka ɗora a kan la'adar, 600. Kowane mutum ɗaya ya tashi 97,400 ke nan a wata. Fansho da NSITF dama da mu muka ɗauke shi kai tsaye sai mun biya, don haka kuɗin saurin shi ne 8,600 ɗin nan. Idan injin zai kwana a kashe saboda babu mai kwashe kaya a bakinsa, wannan ba tsada ba ne.

Inda na rage musu maki shi ne fansho. Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, amma yaran suka riƙa zuwa ofishina suna cewa ba su ga saƙon shigar kuɗi daga kamfanin fanshonsu ba. A takarda ma'aikatansu ne, amma a filinmu suke kwana, mu suke gani. Yanzu ba na sa hannu a biya su kuɗin sabon wata sai sun haɗo da shaidar tura fanshon watan da ya wuce, da sunan kowa.

Musanyar kyautar ma tana da ƙaramin rubutu a ƙasa: sai an sanar da su a rubuce cikin awa 24 da rashin zuwan mutum. Shugaban aikin dare ba ya zama gaban kwamfuta, don haka muka sa a ƙara a yarjejeniyar cewa saƙon WhatsApp ma sanarwa ce. Sun ɗan ja, daga baya suka yarda.

Mun sabunta kwantiraginsu a kan masu ɗaurin kaya. Direbobi kuwa mun dawo da ɗaukarsu hannunmu, muna horar da biyu daga cikin tsofaffin yaran sito.