Kaya sun makara kwana 12: wasiƙa ko kiran waya?

"Kayan da na yi wa wani ɗan kasuwa alkawari za su makara da kwana 12. In rubuta masa wasiƙa mai ɗauke da sabuwar rana, ko kiran waya ya wadatar?"

Alhaji, rubuta masa wasiƙa, kuma ta isa hannunsa tun kafin ranar alkawarin farko ta zo.

Gab da azumin 2025 na yi odar atamfa dila 20 daga wani dila a Legas, bisa sharaɗin za a sauke mini a shagona na Kantin Kwari ranar Litinin, 3 ga Maris. Ana saura kwana biyar sai ga wasiƙarsa a takardar kamfani, da sa hannu da hatimi. Bayan gaisuwa ya kawo lambar rasiɗina da yawan kayan, ya ce kwantenar ba ta fito daga tashar Apapa ba saboda kwastan ba su gama bincike ba, sannan ya rubuta cewa kayan za su iso ranar Asabar, 15 ga Maris. Haƙuri sau ɗaya ya bayar, bai cika ni da rantsuwa ba. Abin da ya fi kwanta mini shi ne zaɓin da ya ba ni: ko ya turo dila 8 da ke sitonsa nan take in jira sauran 12, ko ya mayar mini da kafin alƙalamina. Na karɓi takwas ɗin na sallami masu sari na Azare da Maraɗi, domin duk ɗan Kwari ya san atamfar da ta iso bayan teloli sun rufe karɓar ɗinkin Sallah kwantai za ta yi.

Ranar da za ka rubuta ta zama ranar saukar kaya a ƙofar mai saye, ba ranar fitarsu daga tasha ba. Ka lissafa da lodi da kwanakin tirela a hanya, ka ƙara kwana ɗaya ko biyu, domin mutum yakan yafe ɗagi na farko amma da wuya ya yafe na biyu.

Kiran waya ya fi sauri, iyakar abin da zan ce a kansa ke nan. Wani ya taɓa kirana ya ce "in sha Allahu sati mai zuwa", sai da aka yi wata guda, kuma da muka je gaban shugabannin kasuwa ba ni da shaidar komai. Idan za ka kira, ka kira ka ce wasiƙa tana tafe.

Masu saye kuma ku lura: wasiƙar jinkiri da ta zo da neman ƙarin kuɗin fito, ko da sabuwar lambar asusu da za a tura ciko, abin tuhuma ce. Ku kira mutumin a tsohuwar lambarsa, ku nemi hoton takardar shigo da kayan da lambar kwantena, kada ku tura ko sisi sai kun gani.