Turmi ɗaya, masu saye biyu: wace hanya za ka zaɓa?

A ce kana da shago a Kantin Kwari, kana kuma talla a Jumia da Instagram da WhatsApp. Wata atamfa saura turmi uku. Da hantsi aka sayi biyu a shago, yaron shago bai rubuta ba. Da azahar oda biyu suka shigo daga Jumia, inda har yanzu uku ke rubuce. Dole ka soke ɗaya, kuma soke oda saboda rashin kaya yana zubar da darajar shago a can.

Hanya mafi araha ta kauce wa haka ita ce raba kaya: wannan kason na Jumia ne, a ɗaure shi gefe, kada kowa ya taɓa. Ko sisi ba za ka kashe ba. Illarta, mai saye na tsaye gabanka da kuɗi, kayan na kwance a bayan kanta, ba damar sayarwa.

Sai Google Sheets, takarda guda da kai da yaranka kuke gani a waya. Tana aiki in oda kaɗan ce a rana. Amma ba ta rage komai a ko'ina da kanta, sai ka shiga kowane dandali ka gyara da hannu.

Manhajar lissafin kaya ce ke buƙatar natsuwa kafin biya. A WooCommerce ko Shopify, manhajojin buɗe shagon intanet na kanka, da zarar an saya a shafinka adadin ya ragu, Shopify POS kuma, manhajarsu ta rubuta cinikin kanta, yana haɗa cinikin shago da na intanet a lissafi ɗaya. Wata manhajar, Zoho Inventory, tana haɗuwa da Shopify da Amazon da eBay, to amma kai a waɗannan kake sayarwa? Kada yawan sunaye ya ruɗe ka. Tambayi mai manhajar ko tana magana kai tsaye da dandalin da kake ciniki, da kuma minti nawa take ɗauka kafin ta gyara adadi. In sai bayan awa ɗaya, ranar jajibirin sallah za ka ji a jikinka. Cinikin da aka ƙulla a hirar WhatsApp kuwa, sai mutum ya shigar da shi da hannu.

Kowace ka ɗauka, ka ba kowane zane da kowane launi lambarsa, wadda ake kira SKU, iri ɗaya a ko'ina. In shuɗi da kore suna lamba ɗaya, manhaja za ta ce akwai biyar alhali shuɗin ya ƙare.

Ni dai shawarata, yi gwaji tukuna: saka kaya ɗaya tal, sayar da shi a shago, ka duba agogo har sauran wuraren su nuna ya ƙare. In ya jima, riƙa ɓoye turmi ɗaya: kana da huɗu, rubuta uku.