Hayar kayan ɗaukar biki daga Kano: takardarsu ta ƙirga kaya, ba ta ƙirga awanni ba

Akwai wani shago a cikin birnin Kano da ke ba da hayar kayan ɗaukar bidiyo da hoto a dunƙule, jaka guda, tare da takardar jerin abin da ke ciki, wadda kai da su za ku sa wa hannu. Mun karɓi jakar tasu don wani biki na kwana biyu a wani ƙauye da ke gefen Ringim, ni da ƙanena da wata ƙanwarmu da ke ɗaukar ɓangaren mata a cikin gida. Masu sana'a irin tamu da ke garuruwan waje suna yawan tambayata ko hayar ta biya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani.

Abin da takardar ta lissafa shi ne kyamara Sony A7 III guda biyu da gilasansu, batir huɗu, caja ɗaya mai baki biyu, katin memori biyu masu 128GB, fitilun LED biyu da manyan baturansu biyu da cajarsu, sai ƙafar kyamara ɗaya da makirfo na kan kyamara. Kyamarorin kam ba ni da ta cewa a kansu. Tsaf suke, babu ƙura a ciki, kuma yaron shagon ya kunna kowace a gabana. Wanda zai yi aiki a ɗakin taro a Kano, inda soket ke jikin kowane bango, wannan jerin ya ishe shi har ya yi saura. Ƙauyen da muka je kuwa babu wutar lantarki, sai mai cajin waya guda a bakin kasuwa da ƙaramin injinsa, wanda yake kashewa wajen ƙarfe goma na dare. A nan lissafin ya sauya.

Batirin wannan kyamara, NP-FZ100, an rubuta 2280mAh da 7.2V a jikinsa, wato kusan 16Wh a ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa. Idan na asali ne kuma bai tsufa ba, yakan kai awa biyu ana ɗaukar bidiyo irin na biki, a kunna a tsaya a ja hoto kusa a mayar. To a duba yadda ranar take. Ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, gaishe-gaishe da hotunan dangi, wunin mata har la'asar sakaliya, sannan kai amarya bayan isha'i. Kyamarar waje takan yi awa biyar a kunne, ta cikin gida awa huɗu. Awa tara ke nan, a raba biyu-biyu, batir biyar, a ƙara ɗaya na ko-ta-kwana ya zama shida. Su kuwa huɗu suka rubuta.

Na gaya wa mai shagon haka tun a wurin. Ya ce, "Haba Malam, huɗu muke ba kowa, ba a taɓa dawo mana da ƙorafi ba." Na ce, "Alhaji, waɗanda kake ba suna caji suna aiki ne. Inda za mu, abin da muka fita da shi da safe shi ne namu har dare." Ya ƙara mini biyu a kan ɗan kuɗi kaɗan, kuma ya rubuta su a takardar da hannunsa. Wannan na yaba masa.

Sai dai ba duka shidan ne suka amsa sunansu ba. Biyu daga ciki ba na asali ba ne, kuma takardar ba ta bambance ba. Gane su ba wuya. Da ka saka irinsu kyamarar kan fito da rubutun gargaɗi kafin ta bar ka ka ci gaba, kuma a hannu ma za ka ji sun fi sauƙi, domin na asalin nauyinsa wajen giram 83 ne. Gwajin da ya fi kowanne shi ne ka cika batirin, ka bar kyamara tana ɗauka minti ashirin, ka duba kason da ya rage. Na ƙwarai ya sauka kaɗan-kaɗan. Ɗaya daga cikin biyun nan ya tsaya a sama kamar lafiya ƙalau, can sai ya faɗo daga kashi arba'in zuwa ƙasa da goma a ɗan lokaci. Irin wannan shi ke mutuwa daidai lokacin da liman ya fara karɓar waliccin amarya. Ɗayan kuma ya ɗan kumbura: idan ka kwantar da shi a kan tebur ka juya shi sai ya yi ta kewayawa, kuma da ƙyar yake fitowa daga cikin kyamara. Shi ban ma saka shi a aiki ba. Na liƙa wa kowane batir farar salatif na rubuta lamba, na bar mai faɗuwar nan don hotunan dangi, inda ko ya mutu za a iya cewa a sake tsayawa.

Inda jerin nasu ya fi rauni shi ne caja, kuma wurin da mutane ba sa kallo ke nan. Kowace caja akwai ƙananan rubutu a bayanta. Ta kyamara mai baki biyun nan ta USB ce, tana shan 5V da 2A, wato wat goma, kuma batura biyun raba wannan goman suke yi. Batir biyu 32Wh ne da ɗoriya, ga abin da ke tafiya a zafi, don haka sai ka ba su wajen awa huɗu. Batir shida zagaye uku ke nan, awa goma sha biyu, ga mai inji zai kashe ƙarfe goma. Cajar Sony ta asali, BC-QZ1, tana cika guda ɗaya cikin kimanin awa biyu da rabi, amma ba ita suka sa a jakar ba.

Abin da ya cece mu fawa banki ne guda biyu da na tafi da su daga gida, masu 20000mAh. Kada wannan babbar lambar ta ruɗe ka, a kan 3.7V aka ƙirga ta, don haka 74Wh ne, kuma bayan asarar da ake yi wajen juya wutar abin da zai shiga baturan kyamara bai wuce cikon guda uku ba. Biyu sun ba mu shida, daidai buƙatar rana ta biyu. Amfanin cajar USB ɗin ke nan, duk da jinkirinta: tana aiki a cikin jaka a ƙarƙashin kujera ana tsaka da wuni. Sai dai a kiyaye rana. Ƙanena ya so ya bar jakar a cikin mota, na hana, domin motar da ke rufe a tsakar rana tamkar tanderun gurasa take, kuma zafi shi ke kumbura batir.

Fitilun suna da haske mai kyau, ana iya rage shi a kuma juya shi daga fari zuwa ruwan ɗorawa, abin da ya yi amfani a ɗakin amarya inda aka kunna fitilar sola mai farin haske. Baturansu irin NP-F970 ne, wajen 6600mAh, kusan 47Wh. Fitilar kuma an rubuta wat 30 a bayanta. Idan ka buɗe ta duka awa ɗaya da rabi za ta yi, idan ka rage zuwa rabi ta doshi awa uku. A tsakar gida da dare, mutum uku ko huɗu a gabanka, rabin ya isa muddin fitilar tana kusa da su. Matsalar ita ce cajarsu, ƙaramar nan mai baki ɗaya, an rubuta 8.4V da 600mA. Raba 6600 da 600, awa goma sha ɗaya ke nan ga batir guda. Na kai wa mai cajin waya bayan magariba a daren kamu, ya duba ya ce, "Yallaɓai, wannan ko na kwana da inji ba zai cika maka biyu ba." Gaskiyarsa. Washegari tun da safe muka mayar, muka samu guda ya cika kafin dare, ɗayan ko rabi bai kai ba, da haka aka kai amarya, fitila ɗaya a hannun ƙanwarmu ɗaya a kashe sai an iso ƙofar ɗaki. Duk mai karɓar fitila haya ya nemi batir biyu ga kowace, ya kuma juya cajar ya karanta kafin ya sa hannu.

Batun memori lissafinsa ya fi sauƙi amma hatsarinsa ya fi girma. Ɗaukar 4K a kan 100M, wato megabit ɗari a kowace daƙiƙa, tana cin kusan 45GB a awa, don haka katin 128GB bai kai awa uku ba, kuma kyamarar ba za ta yarda da wannan matakin ba sai kati mai alamar U3. Idan ka sauko 1080 a kan 50M, cin ya koma rabi, kati ɗaya ya ba ka awa biyar da wani abu. Mu 1080 muka yi a kan 25p, tunda a waya da talabijin ɗin gida za a kalla. Kyamarar tana da gurbin kati biyu, tana iya rubuta abu ɗaya a kan duka biyun lokaci guda, wanda shi ne inshorar mai ɗaukar biki. Da kati biyu kacal ga kyamara biyu, wannan damar ta tafi a banza. Huɗu ya kamata jerin ya ce.

Ban taɓa yarda da katin da ba ni na saya ba sai na gwada shi, don haka daren da na karɓo kayan na saka su a kwamfuta na bi su da H2testw. Manhajar tana cika katin da bayanai har bakinsa sannan ta karanto su ta ga ko sun dawo daidai, kuma takan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu ga kati irin wannan. Na farko ya wuce lafiya. Na biyu ya nuna abin da bai kai 30GB ba ne kawai ke da kyau, sauran duk ya ɓata. Jabu ne, ƙaramin kati aka yi wa dabara yake nuna 128GB. Sharrin irinsa shi ne kyamara ba za ta yi ƙorafi ba, za ta yi ta ɗauka kana ganin jan ɗigo, sai ka dawo gida ka tarar wasu fayilolin ba sa buɗewa. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi. Da na mayar da safe Alhaji bai yi gardama ba, ya ce shi ma a kasuwa aka haɗa shi da shi, ya ba ni wani sabo a kwalinsa. Na gwada shi ma, sannan na yi wa duka Format a cikin kyamarar da za su yi aiki, ba a kwamfuta ba.

Wajen mayar da kaya sun bi takardar layi-layi, har marfin gilashi da igiyar caja, kuma ba su cire mini komai ba duk da ƙurar hanya da ta shiga zif ɗin jakar. Batirin da ya kumbura na nuna wa yaron, ya ware shi gefe. Zan sake karɓar kyamarorinsu da fitilunsu idan wani aikin ya taso, amma memori da fawa banki nawa zan riƙa tafiya da su, kuma na riga na gaya wa Alhaji cewa sai ya haɗa mini da cajar fitila mai baki biyu wadda ta kai 1.5A a kowane baki.