Wi-Fi ko kebul: wanne ya fi wajen jona laftof da datar waya?

"Jama'a, ina jona laftof ɗina da `Hotspot` na waya, amma da batir ya yi ƙasa sai komai ya riƙa jan ƙafa. In koma kebul ne, ko sabis ne matsalar?"

Malam, kafin ka sayi komai, buɗe fast.com a wayar, sannan a laftof ɗin, a wuri guda. A ce wayar ta nuna 12 Mbps, laftof ya nuna 3: sabis lafiyarsa ƙalau, tsakanin na'urorin biyu ake tafka asarar. In kuwa dukkansu 1 suka nuna, kebul ba zai tsinana maka komai ba.

A hali na farko kebul ya fi. Raba data ta Wi-Fi aiki biyu ne ga waya, tana karɓa daga turken sabis tana kuma watsawa, shi ya sa take zafi tana zuƙe caji. Da batir ya sauka, `Battery Saver` zai rage mata ƙarfi, wasu wayoyin ma su sauke ka daga 5G. Da `USB tethering` kuwa babu watsawar, kuma laftof na ɗan ɗura mata caji, don haka kana iya kashe `Battery Saver` hankali kwance. Sai dai batirin laftof ne ke biyan kuɗin, abin lura ranar da babu wuta. Kebul ɗin kuma ya zama mai ɗaukar data. Na caji zalla, irin masu arahar nan, ko maɓallin ba zai bari ka kunna ba.

A hali na biyu Wi-Fi ne gwani, domin kebul ɗaure wayar yake a kan tebur. Shiga `About phone`, ka nemi `SIM status`, ka duba ƙarfin sabis. Kusan -85 dBm mai kyau ne, -110 kuwa da ƙyar. Kai wayar bakin taga ka jona mata caja, ka ga ko lambar ta gyaru. In akwai bango tsakaninku zaɓi 2.4 GHz a saitin `Hotspot`, don 5 GHz ya fi gudu amma bango na karya shi.

Bluetooth kam bar shi, da wuya ya haura 2 Mbps.

Akwai abin da ba ruwansa da hanyar da ka bi. A yawancin wayoyin Android, muddin `Data Saver` na kunne, raba data ba zai yiwu ba. Wasu wayoyin suna da iyakar data a saitin `Hotspot`, da an kai su yanke. Datar WhatsApp ko Facebook zalla kuma ba za ta buɗe maka sauran shafuka ba. A Windows kunna `Metered connection`, in ba haka ba sabunta manhaja zai riƙa kwasar rabonsa a ɓoye kana zagin kamfani.

Ni dai in sabis ya fi -100 kyau a inda nake zaune, kebul nake sawa.