Wata Biyar Da "Sabon" Layi Mai Tsohon Mai Shi

Turaren wuta da humra nake sayarwa daga gida a Kano, kuma na gaji da yadda masu saye ke kirana a layin da 'yan uwa ke kira, har ƙarfe sha ɗayan dare. Shi ya sa na je ofishin ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waya na sayi layi na kasuwa zalla. An ɓare shi daga leda a gabana, na ba da lambar NIN, aka ɗauki hotona, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba ya fara aiki. Ta fuskar sabis ba ni da ƙorafi. Kira yana shiga, data tana gudu a unguwarmu fiye da ta tsohon layina. Da a nan maganar ta tsaya, da sharhin nan layi uku ne.

Daren ranar na buɗe WhatsApp da lambar. Lambar tabbatarwa ta shigo, na saka, sai ga hoton wani magidanci da hula zanna a inda hotona ya kamata ya kasance. Kafin in gama mamaki saƙonni sun fara zubowa daga zaure huɗu da ban taɓa shiga ba: na tsofaffin ɗaliban wata sakandare, na dangi, na masallacin unguwa, da na 'yan adashe. Ban ga tsofaffin hirarrakinsa ba, domin waɗannan a wayarsa suke zaune. Amma duk abin da aka rubuta daga wannan daren, gabana yake zuwa. A zauren dangi ana maganar rashin lafiyar wata tsohuwa da kuɗin da kowa zai kawo. Kunya ta kama ni kamar na faɗa ɗakin mutane ba sallama. Na fita daga zaurukan duka, na cire hoton.

Kwana uku bayan haka alat ya shigo: an saka naira 42,000. Na ɗauka wata ce ta biya kuɗin kaya, har na fara duba wa zan tura wa godiya. Da na karanta da kyau, bankin ba nawa ba ne, lambobin ƙarshe na asusun ma ba nawa ba. Daga nan abin ya zama kullum. Na san ranar da albashinsa ke shiga, na san nawa ne, na san sanda ya cire dubu biyar a wurin mai POS, na san abin da ya rage. Matarsa ma ban tabbata ta san aljihunsa kamar yadda na sani ba, kuma ban nema ba.

Na koma ofishin kamfanin da tambaya ɗaya: layin wani kuka sayar mini? Yarinyar da ke kan teburi ta ce, "Hajiya, layin naki ne, sunanki ne a kai. Lambar ce dai an taɓa amfani da ita." Kuma gaskiyarta. Katin sabo ne, lambar ce kwance. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ita ce layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ke kawo wa kamfani kuɗi da shi ba, kamar kira ko tura saƙo ko sayen data, ana iya rufe shi. In ya ƙara wata shida a haka, mai shi ya rasa lambar, kamfani na iya mayar da ita kasuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lambobi goma sha ɗayan nan suna da iyaka, hukuma ce ke raba wa kamfanoni, su kuma suna biyan kuɗi a kansu, don haka ba wanda zai ajiye lamba tana barci har abada. Ban ga laifin wannan ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ba wanda ya gaya mini a ranar saye. Kalma ɗaya ce, da na shirya.

Inda na daɗe ban gane ba shi ne wannan. Na zaci tunda an haɗa layi da NIN tun ƙarshen 2020, da zarar an goge sunan mutum daga lamba, ko'ina za a sani. Ashe kamfanin waya littafinsa kaɗai yake gogewa. Banki yana da nasa littafin, manhajar bashi tana da nata, WhatsApp da nasa, kuma kowanne ya rubuta lambar a matsayin hanyar da zai gane mutumin. Kamar mai gida ne ya tashi ɗan haya ya sa sabo, amma masu kawo wasiƙa da masu bin bashi ba wanda ya sanar da su, ga kuma makullin akwatunan tsohon ɗan hayan rataye a jikin ƙofa.

Makullin nan na gan shi da idona. Na so in buɗe asusu a irin manhajojin kuɗin nan da lambar wayarka ce lambar asusunka, a cire sifilin farko kawai, don masu saye su riƙa tura kuɗi ba sai na karanto musu wata lamba ba. Ina sa lambar, aka ce akwai asusu a kanta, in shiga ko in danna cewa na manta lambar sirri. Ban san iya abin da za su ƙara tambaya a gaba ba tunda a nan na tsaya, amma matakin farko saƙon OTP ne, kuma wayata zai shigo. Ga kuma lambar da kowa ke dannawa don tuna BVN ɗinsa:

```
*565*0#
```

Wannan ba fuskarka take dubawa ba. Lambar wayar da aka danna daga cikinta take dubawa, ta kawo BVN ɗin da aka ɗaure da ita. Ƙanina ya ce in gwada mu gani, na ce a'a, abin da ba nawa ba ban son ya zauna a wayata. Amma tunanin ya hana ni sukuni: da wani mara tsoron Allah layin ya faɗa wa fa? Gaskiya ne banki ba ya sakin kuɗi da OTP kaɗai, yakan nemi lambar sirri ko lambobin kati. To amma wanda ya riƙe lambarka, ya san bankinka, ya san ranar albashinka, ya riga ya ci rabin tafiya, kuma zai iya rubuta wa danginka da sunanka ya ce a tura masa kuɗin asibiti.

Masu bashi kuwa ba su ɓata lokaci ba. Wata manhajar bashi tana binsa kuɗi, kuma a sati na biyu suna kirana sau biyar, sau shida a yini. In na ce ba shi ba ne, sai a ce to matarsa ce, in ba shi waya. Na toshe lamba, su kira da wata. Abin da ya fi cutar da kasuwata ma wani ne daban: manhajar nan mai nuna sunan mai kira tana nuna sunansa. Mata biyu suka ƙi ɗauka, ɗaya ta ce ta ga sunan namiji ta ɗauka ɗan damfara ne. Wannan kam ya gyaru, na shiga manhajar da lambar na sa sunan kasuwata, bayan 'yan kwanaki ya sauya.

Na je reshen bankinsa da alat ɗin a hannu. Sun karɓe ni da mutunci, suka ce ba za su taɓa bayanan asusu da maganar wani ba, sai mai asusun ya zo da kansa. Na fito ina jin haushi, amma a hanya na ga ba su yi kuskure ba. Da za a sauya lambar asusu don wata ta zo ta ce layin nata ne, da ba wanda zai kwana da kuɗi a banki. Sakamakon dai shi ne mai sabon layi ba shi da abin da zai iya kwancewa. Igiyar duk a hannun tsohon mai lambar take.

Wata dattijuwa ce ta haɗa mu. Ta kira da safe tana neman ɗan ƙaninta, na ce, "Gwaggo, don Allah kar ki kashe. Layin ya dawo hannuna, kuma ina da maganar da ya kamata ya ji." Da yamma ya kira. Labarinsa ba wani abin mamaki. Layin yana cikin ƙaramar wayarsa ne, wayar ta ɓata a tasha, ya yi niyyar zuwa a yi masa walkam bak, yau da gobe har abin ya shige. WhatsApp ɗin kuwa yana kan babbar wayarsa, yana aiki da datar ɗaya layin, don haka fiye da shekara yana hira da lambar da ta daina zama tasa bai sani ba, sai daren da aka fitar da shi. Wannan ne ya bayyana mini hoton da zaurukan. WhatsApp kan goge bayanan tsohon asusu in ya yi kwana 45 ba a taɓa shi ba sannan aka buɗe lambar a wata wayar. Nasa kuwa bai taɓa yin shiru ba, a wurinsu mai shi ne kawai ya sauya waya. Da ya kunna Two-step verification, da an tare ni da neman lambar sirrinsa, sai na jira kwana bakwai, shi kuma ya samu damar farga. Da kuma ya bi Settings, Account, Change number tun farko, da zaurukansa sun koma ɗaya layin tare da shi.

Na ce, "Malam, alat ɗinka duk ina gani, ka je banki gobe." Ya yi shiru, sannan ya yi salati. Ya ce ya lura alat ya daina zuwa, amma tunda yana duba kuɗinsa a manhaja bai damu ba. Ya je ya cike takardar sauya lamba, ta asusun da ta BVN, domin abu biyu ne, gyara ɗaya ba ya gyara ɗayan. Bayan kamar sati alat ya tsaya. Asusun manhajar kuɗin ya ɗauki kusan wata kafin ya raba shi da lambar, sannan na samu na buɗe nawa. Masu bashi sun rage kira, ba su daina ba.

In za ni ba layin maki, uku cikin biyar ne. Sabis ya ci nasa, rashin faɗa mini gaskiyar lambar ya cinye sauran. Wanda zai sayi layi don kasuwa, kar ya buga lambar a leda ko a allon shago a ranar. Ya sa a waya ya bar shi sati biyu ya ga wa ke kira da irin saƙon da ke shigowa, ya sa wani ya duba ko lambar tana kan WhatsApp da hoton wani tun kafin ya buɗe. In ta fito da kaya da yawa, sayen wani layin ya fi arha. Ni na riga na buga sitika ɗari biyar, shi ya sa na zauna da nawa.

A daren da muka yi magana da mutumin na tuna da layin da na yi amfani da shi lokacin ina makaranta, wanda da shi na buɗe asusuna na farko da imel ɗina. Na kira lambar. Wani yaro ya ɗauka, ana jin kukan injin niƙa a bayansa, ya ce layinsa ne tun bara. Washegari ni ma ina kan layi a banki da takardar sauya lamba a hannu.