Wanke ƙwai ko barinsa yadda kaza ta saka?

Ƙwai yana fitowa da wani siririn lulluɓi da ke bushewa nan da nan, ya toshe dubban ƙananan ƙofofin ɓawo. Wanda ba a wanke ba yana tare da wannan kariyar, shi ya sa yake jure ajiya ko babu firiji.

Wankewa kuwa tana cire lulluɓin. Mafi muni shi ne ruwan da ya fi ƙwan sanyi: cikinsa yana tsukewa, sai ya zuƙo ruwan da ƙwayoyin cuta ta ƙofofin. Wankakken ƙwai dole ya shiga firiji.

Ni dai na fi son a bar shi. Idan kashin kaza ya taɓa shi, a goge da busasshen ƙyalle, sai lokacin da za a dafa a wanke da ruwan ɗumi.