Kafin ka zaɓi list, set ko index, tambayi farashin Big-O

A ce ƙungiyar manoma ta ba ka aikin rubuta ɗan shirin kwamfuta da zai tace lambobin wayar mambobinta, don kada mutum ɗaya ya yi rajista sau biyu ya karɓi taki sau biyu. Yau mambobin dubu ɗaya ne. Shugaban ƙungiya kuma yana cewa baɗi za a haɗa da sauran ƙananan hukumomi, su kai dubu ɗari. Hanyoyi huɗu ne a gabanka, kuma in ka gwada su da lambobi dubu duk za su gama kafin ka ƙifta ido. Gwajin yau ba zai raba maka gardama ba. Abin da zai raba ta shi ne Big-O.

Mai sayen hatsi da yawa ba ya tsayawa kan kuɗin mudu ɗaya, sai ya ji yadda kuɗin zai kasance in ya ce buhu ɗari yake so. Big-O ma ba ya gaya maka daƙiƙa nawa shirinka zai ci. Yana gaya maka yadda aikin zai ƙaru in bayanai sun ƙaru. Harafin n shi ne yawan bayanan, a nan yawan lambobin waya. O(1) na nufin aikin ba ya ƙaruwa ko da n ya ƙaru. O(n) na nufin in n ya ninka, aikin ya ninka. O(n²) kuwa, in n ya ninka sau biyu aikin ya ninka sau huɗu, in ya ninka sau goma aikin ya ninka sau ɗari. Alamar ta girmi kwamfuta: masanin lissafi Bajamushe Paul Bachmann ne ya fara amfani da ita a 1894.

Zaɓi na farko: list

Wannan shi ne abin da hannun sabon mai koyon Python ke fara kaiwa gare shi:

```python
gani = []
for lamba in lambobi:
    if lamba not in gani:
        gani.append(lamba)
```

Layi huɗu, kuma amsarsa daidai ce. Tsadar tana ɓoye cikin `not in`. Idan ka tambayi `list` ko wani abu yana cikinsa, Python zai fara daga na farko yana kwatantawa ɗaya bayan ɗaya, har ya samu ko ya kai ƙarshe. Sabuwar lamba kuwa, wadda ba a taɓa gani ba, sai an bi jerin kaf kafin a tabbatar babu ita. Dubawa ɗaya ke nan O(n) ce. To ga shi ana yin ta ga kowace lamba, wato sau n.

Mu ƙirga, a bisa cewa yawancin lambobin ba maimaici ba ne. Lamba ta biyu za a kwatanta ta da guda ɗaya, ta uku da biyu, ta dubu da 999. Jimilla kusan rabin n sau n. Da mambobi 1,000, kwatanci kusan 500,000 ke nan. Da mambobi 100,000, ya zama kusan biliyan 5. Mu ƙaddara, don sauƙin lissafi kawai, cewa kwamfutarka tana kwatanci miliyan 10 a daƙiƙa ɗaya. Aikin yau ba zai kai daƙiƙa ɗaya ba. Na baɗi zai ci daƙiƙa 500, sama da minti takwas. In an kai miliyan ɗaya, kusan awa 14. Kuma babu harafi ɗaya da ka canja a shirin.

Wani zai ce, ai rabin n² ne, me ya sa ake rubuta O(n²) a watsar da rabin? Domin rabin ba ya canja yanayin hauhawar. Ko da shi ko babu shi, ninka bayanai sau biyu yana ninka aiki sau huɗu. Shi ya sa sayen kwamfuta mai ninkin sauri ba ya maganin wannan ciwo: awa 14 ta koma bakwai, shi ke nan, bayanai su ɗan ƙaru ka koma gidan jiya.

Duk da haka ban ce a jefar da `list` ba. In abin da kake dubawa sunayen jihohi 36 ne ko watanni 12, n ba zai taɓa girma ba, kuma babu abin da za ka ji a jikinka.

Zaɓi na biyu: jera su, sannan ka riƙa raba biyu

```python
from bisect import bisect_left
lambobi.sort()
i = bisect_left(lambobi, nema)
akwai = i < len(lambobi) and lambobi[i] == nema
```

In lambobin suna jere daga ƙarami zuwa babba, ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba. A duba ta tsakiya. In wadda ake nema ta fi ta girma, a watsar da rabin farko gaba ɗaya, a sake duba tsakiyar abin da ya rage. Kowane mataki yana zubar da rabi. Lambobi 1,000 suna ƙarewa a mataki 10 ko kusa da haka, 100,000 a 17, miliyan ɗaya a 20. Wannan shi ne O(log n): in bayanai sun ninka sau biyu, mataki ɗaya tak ke ƙaruwa.

Akwai kuɗin shiga, wato jerawar kanta, O(n log n). Ga lambobi 100,000, misalin 100,000 sau 17 ne, kwatanci miliyan 1.7. Ka ajiye wannan kusa da biliyan 5 na ɗazu. Bayan an jera ma, masu maimaici suna zama maƙwabtan juna, sai ka bi jerin sau ɗaya ka tsince su.

Inda wannan zaɓi ke cizo shi ne in sababbin mambobi suna shigowa kullum. `bisect.insort` yana gano gurbin sabuwar lamba da sauri, amma kafin ta zauna sai an matsar da duk waɗanda ke bayanta gaba da gurbi ɗaya, wannan kuma O(n) ne. Saboda haka ya fi dacewa da bayanan da ake jerawa sau ɗaya a yi ta bincike a kai. Yana da wata riba da na gaba ba shi da ita: in an ce ka kawo duk lambobin da suka fara da 0803, a jere suke wuri ɗaya, ka nemo farkonsu da ƙarshensu kawai.

Zaɓi na uku: set

```python
gani = set()
for lamba in lambobi:
    if lamba not in gani:
        gani.add(lamba)
```

Kusan shirin farko ne, wuri biyu kawai aka taɓa. Amma `set` ba ya bin jeri. Yana ɗaukar lambar ya yi mata wani lissafi da `hash()`, sakamakon ya nuna masa gurbin da ya kamata ta kasance, sai ya leƙa can kai tsaye. Ko mambobi dubu ne ko miliyan, leƙawar kusan ɗaya ce, O(1). Dukan aikin tacewar ya zama O(n): leƙawa 100,000 a maimakon kwatanci biliyan 5.

Ga aikin ƙungiyar nan, in fayil ɗaya ne za a tace a miƙa, wannan zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Sai dai ka san abin da kake biya. Na farko memori: `set` yana barin gurabe da yawa fanko da gangan don kada lambobi su riƙa karo a gurbi ɗaya, don haka ya fi `list` cin wuri. Na biyu, ba ya riƙe tsarin shigowa. In kana son sanin wanda ya fara rajista, yi amfani da `dict`, wanda tun daga Python 3.7 aka tabbatar yana riƙe tsarin da aka zuba masa abubuwa. `list(dict.fromkeys(lambobi))` zai tace maimaici ya bar su yadda suka zo. Na uku, O(1) ɗin nan matsakaici ne. In aka yi rashin sa'a abubuwa da yawa suka faɗa gurbi ɗaya, dubawa na iya lalacewa ta koma O(n), ko da yake da lambobin waya na yau da kullum da wuya ka gamu da haka.

Akwai kuma abin da Big-O ba ruwansa da shi. Wanda ya rubuta lambarsa da 0803 a farko, gobe ya rubuta ta da +234803, mutum biyu ne a wurin `set`. Sai ka mayar da lambobin duka siga ɗaya kafin tacewa, kuma ka ajiye su a matsayin rubutu, `str`, don in ka mayar da su `int` sifirin farko zai ɓace.

Zaɓi na huɗu: index a rumbun bayanai

Duk ukun nan a memori suke zaune, shirin na rufewa sun tafi. In rajistar za ta ci gaba wata da watanni, wurin bayanan rumbu ne irin SQLite, wanda Python ke zuwa da shi a `sqlite3`. Nan ma tarkon farko yana nan: bincike a kan shafin da ba shi da index, wato jerarren jagora da rumbun ke ajiyewa don saurin nema, bin layuka ne ɗaya-ɗaya, O(n).

```sql
CREATE UNIQUE INDEX idx_waya ON mambobi(waya);
```

Wannan layi yana mayar da binciken O(log n), kuma `UNIQUE` zai sa rumbun da kansa ya ƙi karɓar lambar da ta riga ta shiga. Abin da za ka biya shi ne ƙarin girman fayil da ɗan jinkiri a kowace sabuwar shigarwa, tunda index ɗin ma sai an gyara shi. Don ka tabbatar ana amfani da shi, sa `EXPLAIN QUERY PLAN` a gaban tambayarka. In ka ga `SCAN`, ana bin teburin kaf. In ka ga `SEARCH` tare da sunan index ɗinka, ka samu abin da ka biya.

Gwada kafin ka biya

Ba sai ka iya lissafin jami'a ba kafin ka gane ajin da shirinka yake. Ƙirƙiro lambobin bogi 10,000 waɗanda ba sa maimaita juna, ka auna lokaci da `time.perf_counter()`, sannan ka sake da 20,000, sannan 40,000. In lokacin yana ninkawa sau biyu, O(n) ne, in ya ɗan haura biyu kaɗan wataƙila O(n log n). In yana ninkawa sau huɗu, akwai n² a wani wuri. Kada ka gwada da lambobi ɗari, don a wannan girman lokacin buɗe fayil ma zai rufe bambancin. Kuma in ka je neman n² ɗin, kada ka tsaya neman `for` cikin `for` kawai. A kan `list`, su `in`, `.index()`, `.remove()`, `.count()` da `.pop(0)` kowanne O(n) ne shi kaɗai, don haka duk wanda ka gani a cikin `for` mai zagaya bayananka, daga nan za ka fara bincike.